Uzurin Bahaushe a Kunnen Shugaban da Ba Ya Jin Hausa

A ofisoshin Gusau akwai wata irin takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci alhali gaskiya ya faɗa, uzurinsa kuma mai ƙarfi ne. Laifinsa kawai shi ne ya ɗauko uzurin daga Hausa ya zuba shi cikin Turanci kalma bayan kalma, sai ya isa kunnen shugabansa da wata ma'ana daban. Ma'aikacin yana ganin an yi masa rashin tausayi, shugaban kuma yana ganin an raina masa hankali, kowa ya ƙullaci ɗan'uwansa a kan saƙon da bai wuce layi biyu ba.

Matsalar ta ƙaru ne da sauyin da garin ya samu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama mazaunin ma'aikatun tarayya da bankuna da kamfanonin sadarwa. Ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga kuma ƙungiyoyin agaji da matsalar tsaro da ta abinci mai gina jiki suka jawo. A yawancin waɗannan wurare za ka tarar direba da maigadi da masinja da akawu da ma'aikaciyar jinya 'yan gari ne, ko masu zuwa daga Bunguɗu, mai nisan kimanin kilomita 20 a hanyar Sakkwato, ko daga Tsafe, mai nisan kusan kilomita 50 a hanyar Funtuwa. Mai sa hannu a takardar izini kuwa sau da yawa an turo shi ne daga Legas ko Inugu ko Abuja, wani lokaci ma daga wata ƙasa. Ko da shugaban Bahaushe ne, abin da zai shiga fayil da Turanci ake rubuta shi, kuma wanda zai karanta shi a hedikwata bai taɓa taka Zamfara ba.

Uzurin Hausa da uzurin ofis aikinsu daban

Bahaushe idan zai ba da uzuri, abin da ya fi kula da shi shi ne mutunci. Yana son ya nuna cewa abin da ya taso ya fi ƙarfinsa, ba tare da ya tona asirin gidansa ba, kuma ba tare da ya ɗaure kansa da alkawarin gobe ba, tunda goben ba a hannunsa take ba. Shi ya sa maganarsa takan zo a dunƙule: "Wani ɗan uzuri ne ya taso mini." "Gida ne ba lafiya." "Zan ɗan leƙa ƙauye." Mai sauraro Bahaushe yakan cike sauran da kansa, domin ya san nauyin kowace jimla, ya san abin da kunya ta hana a faɗa, kuma ya san ba a tsananta tambaya.

Shugaban ofis kuwa tambayoyi huɗu ne a ransa idan saƙon ya shigo wayarsa. Me ya faru? Daga yaushe zuwa yaushe ba ka nan? Wa zai riƙe aikinka? Izini kake nema ko sanar da ni kake yi? Duk saƙon da bai amsa waɗannan ba, a wurinsa saƙon mai ɓoye-ɓoye ne. Fassarar kalma da kalma tana kwaso dunƙulewar Hausa gaba ɗaya, amma tana barin fahimtar da ke cike ta a baya, saboda wannan fahimtar a zukatan mutane take, ba a cikin kalmomin ba.

Kalmar uzuri kanta misali ce. A Hausa tana da daraja, malaman fiƙihu ma suna amfani da ita ga abin da shari'a ta yarda ya ɗauke wa mutum wajibi. Amma wanda ya rubuta "I have an excuse" ya ɗauko kalmar da a Turancin ofis take yawan nufin dabarar zillewa. Abin da yake nufi shi ne "An urgent family matter has come up", sannan ya ƙara abin da ya kamata a sani. Haka ma "Ban samu dama ba" da ake mayarwa "I was not chanced". 'Yan Najeriya sun saba da jin ta, amma ba ta faɗi komai ba, kuma baƙo daga waje ba zai gane ta ba sam.

Lokaci: inda kwana biyu ba biyu ba ne

Babu inda aka fi samun saɓani kamar batun lokaci. Idan Bahaushe ya ce "zan yi kwana biyu a gida", kowa ya san yana nufin 'yan kwanaki, wataƙila huɗu, wataƙila mako guda. Da zarar ya rubuta "I will spend two days", shugaban zai lissafa biyu daidai, ya sa ran ganinsa a rana ta uku da ƙarfe takwas na safe. Ko da ma'aikacin biyun yake nufi da gaske, akwai sauran tarko, domin Hausa dare take ƙirgawa, ofis kuma ranakun aiki. Wanda ya tafi Talata ya kwana biyu, Alhamis zai kamo hanya, kuma idan bai iso da wuri ba ranakun aiki uku ya rasa: Talata, Laraba da Alhamis.

"Ina zuwa", ko "ga ni nan tahe" kamar yadda ake faɗa a Zamfara, takan koma "I am coming". Shugaba ɗan kudu zai iya gane cewa ana nufin a dakata, domin Turancin Najeriya ma haka yake amfani da ita. Baƙo kuwa zai ɗauka mutumin yana bakin ƙofa. "Ina hanya" ita ma haka take: mai faɗarta wataƙila yana tashar Tsafe yana jiran mota ta cika. "An jima", "bayan La'asar" da "da hantsi" lokuta ne sanannu a wurinmu, amma ba su da gurbi a agogon wanda bai san sa'ar da ake kiran salla ba.

Sai kuma "in Allah Ya yarda". Musulmi ba zai yi alkawarin gobe ba tare da ita ba, kuma babu dalilin da zai sa ya bar ta. Matsalar tana zuwa ne idan ita kaɗai aka bayar a matsayin amsa. Shugaban ya tambaya ko za ka zo gobe, ka ce "By God's grace", sai ya rasa ko e ka ce ko wataƙila. Gyaran shi ne a faɗi rana da sa'a tukuna, sannan a biyo da ita: "I will resume on Friday at 8 a.m., God willing." Addini bai ragu ba, shugaban kuma ya samu abin rubutawa.

Dangi da kunya

Sunayen dangi a Hausa sun fi na Turanci faɗi a wani gefen, sun fi su tsauri a wani. Ƙanin mahaifi uba ne, kishiyar uwa uwa ce, ɗan baffa da ɗan kawu duk 'yan'uwa ne, har a ce "wana" ko "ƙanena" ba tare da wani ƙarin bayani ba. Ma'aikacin da ya rubuta "My father died" bara da ƙanin mahaifinsa ya rasu, bana kuma ya sake rubutawa da mahaifin nasa ya cika, bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Amma a fayil ɗinsa mutum ne da ya binne ubansa sau biyu, kuma daga ranar duk uzurin da ya kawo sai an yi masa kallon tuhuma. A ɗaya gefen, idan ya rubuta "my uncle" kawai, shugaban zai ɗauka dangi ne na nesa da bai kai a bar aiki kwana uku dominsa ba. Maganin shi ne a faɗi dangantakar yadda take a jini, a ƙara nauyinta a rayuwa: "my father's younger brother, who raised me". Kalmomi kaɗan ne, amma sun rufe ƙofar zargi duka biyu.

Kunya kuma tana hana magidanci ya ce matata. Sai ya ce "iyalina ba lafiya" ko "gida ne ba lafiya", a fassara ta koma "My family is sick". Shugaban zai yi tunanin annoba ce ta shiga gidan, ko kuma ya ga maganar ta yi faɗin da ba za a gaskata ba. Haka ma lamirin "an", wanda Hausa ke sakaya mai aiki da shi: "an yi mini haihuwa", "an yi mana rasuwa", "an kwantar da mu a asibiti". Idan suka zama "They born for me" ko "They admitted us", tambayar farko ita ce su wa, kuma wane ne a kwance? A Turanci babu abin kunya a "My wife has been admitted to hospital" ko "My wife gave birth last night". Faɗar haka ma tana da amfani a aljihu, domin tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta namiji da matarsa ta haihu. Wanda ya sakaya maganar yana iya rasa haƙƙin da yake nasa.

Ciwo da hanya

"Ba na jin daɗi" a Hausa rashin lafiya ce. Wanda ya fassara ta "I am not feeling happy" ko "I am not enjoying" ya gaya wa shugabansa cewa ransa ne a ɓace, wataƙila ma da aikin. Amma wadda ta fi haɗari ita ce "da sauƙi". Kowa ya san ko mutum yana gargarar mutuwa, idan aka ce "ya jiki?" amsar ita ce "da sauƙi", domin addu'a ce da godiya ga Allah. Shugaban ya kira ya tambayi jikin yaro, uban ya ce "He is better", alhali ana ƙara wa yaron jini. Shugaban ya ajiye waya yana sa ran ganin ma'aikacinsa gobe. Abin da ya dace shi ne a yi godiyar, a biyo da halin da ake ciki: "Thank you, sir. He is still on admission and the doctor will review him on Wednesday."

A nan doka ma tana da magana. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci har ranakun aiki 12 a shekara na rashin lafiya tare da albashi, da sharaɗin likita mai rajista ya ba da shaida. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da akawuna, manyan ma'aikata kuma sharuɗɗan takardar ɗaukarsu ake bi. Ke nan saƙon rashin lafiya bai cika ba sai an ce an je asibiti kuma za a kawo takarda. Wanda ya sayi magani a kemis ya kwanta gida kwana uku ba shi da abin nunawa, ko da zazzaɓin ya kusa kai shi lahira.

Batun hanya kuwa ya fi shafar mutanen wannan yanki fiye da na wurare da yawa. Idan mutumin Tsafe ya ce "yau hanya ba kyau", ba ramuka yake nufi ba. Yana nufin 'yan bindiga sun tare hanya ko ana raɗe-raɗin sun fito, direbobi sun tsaya suna jiran jami'an tsaro. Tsoro da taka-tsantsan sun sa mutane ba sa kiran abin da sunansa, sai a ce "mutanen nan" ko "mutanen daji". Da aka rubuta "The road is not good today", sabon shugaba zai ce ai jiya ma hanyar ce ka biyo. Ga shi kuwa wannan ne uzurin da kowace ma'aikata za ta karɓa nan take idan an faɗe shi sarai: "There is a security incident on the Tsafe–Gusau road and vehicles are not moving. I will set out once it reopens and update you by 11 a.m." A ƙungiyoyin agaji irin wannan saƙon rahoto ne da jami'in tsaronsu ke buƙata domin ya tsayar da wasu motocin. Haka ma "babu sabis". Wanda ya zauna Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, ya san maganar gaskiya ce, kuma har yau akwai ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin a samu kira. Dabarar ita ce a faɗa kafin a tafi, ba bayan an dawo ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani mai kula da sito ne a wata ƙungiyar agaji a Gusau. Ranar Talata da asuba aka kira shi cewa ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana yaro, ya rasu a wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu. Yana kan babur ya tura wa shugabarsa, wadda ba ta jin Hausa, wannan saƙon: "Good morning ma. They did death for us, my father. I am going to village, I will do two days. Please be patient."

A Hausa saƙon ba shi da aibu: "Barka da asuba, ranki ya daɗe. An yi mana rasuwa, babana. Zan tafi ƙauye, zan yi kwana biyu. Don Allah a yi haƙuri." Ga abin da ita ta karanta. Jimlar farko bayan gaisuwa ta sa ta tunanin ko kashe shi aka yi, tunda an ce wasu ne suka yi. Ta rubuta a fayil cewa mahaifinsa ne. Ta ƙirga Talata da Laraba, ta sa ranar Alhamis a fitar da kaya daga sito. Ba a nemi izininta ba, an dai sanar da ita. Kalmar ƙarshe kuma ta zo mata kamar umarni, domin "a yi haƙuri" roƙon afuwa ne a Hausa, amma "be patient" cewa ne ki daina gaggawa. Ranar Alhamis mota ta zo, makullin sito yana aljihunsa a ƙauye, wayarsa ba ta shiga. Ya dawo Juma'a bayan an tashi daga zaman gaisuwa na kwana uku, ya tarar da takardar tuhuma, ga kuma wani abokin aiki ya ce ai mahaifinsa yana nan da ransa, jiya ma sun yi salla tare.

Ga yadda saƙon zai kasance da an gina shi a kan tambayoyin nan huɗu: "Good morning, ma. My father's younger brother, who raised me, died last night after an illness. The burial is this morning in Bungudu and the family will receive condolences for three days. Please may I be away from Tuesday to Thursday? I will resume on Friday at 8 a.m., God willing. I will leave the store key with my assistant. Network is poor there, so I will call you each evening. I apologise for the short notice."

Kowace jimla da aikinta. Bayan gaisuwa, ta farko ta faɗi wanda ya rasu da matsayinsa, ta kuma kawar da zaton kisa. Ta biyu ta bayyana abin da baƙo bai sani ba, wato Musulmi ba ya jinkirta jana'iza, shi ya sa ba a iya ba da sanarwar mako guda. Ta uku roƙo ce da alamar tambaya, kuma wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Dokar Ƙwadago ba ta ware hutun rasuwa ba, don haka kwanakin suna fitowa ne daga tsarin ma'aikatar ko daga yardar shugaba. A aikin Gwamnatin Tarayya akwai hutun uzuri na 'yan kwanaki a shekara, shi ma sai an amince, kuma rashin zuwa aiki ba izini yana cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Sauran jimlolin sun tsayar da ranar dawowa, sun tanadi mai riƙe aiki, sun kuma ba da haƙuri da kalmar da Turanci ya sani.

Yadda za a gane, da inda gyaran ya tsaya

Akwai alamun da ke nuna saƙo bai isa yadda aka nufa ba. Idan amsar ta zo da tambaya irin "Who exactly?" ko "Till when?", akwai giɓi. Idan ta zo da kalma ɗaya, "Noted", kada a ɗauka an ba da izini, domin ma'anarta an gani kawai. Wanda ya samu wannan amsar ya sake tambaya a fili ko an amince. Kafin a tura saƙo kuma, a duba ko akwai sunan rana da sa'a a ciki, ko akwai "they" da ba a san su wa ba, ko akwai sunan wanda zai riƙe aiki.

Gyaran bai buƙatar babban Turanci. Masu neman a rubuta musu wasiƙa mai cike da "humbly" da "your esteemed office" sukan binne ranar dawowa a ƙarƙashin kirari. Gajerun jimloli sun wadatar. Bai kuma buƙatar a tona asiri ba. Mace tana iya cewa "I have a medical appointment" ba tare da ta faɗi ciwon ba, magidanci yana iya cewa "a private family matter" idan sulhu zai je yi tsakanin ƙanwarsa da mijinta. Dalili yana iya zama a rufe, matuƙar lokaci da riƙon aiki suna a buɗe. Wanda Turancinsa bai kai ba, ya faɗa wa abokin aiki da Hausa cikakken abin da yake nufi, har da ranaku, sannan a rubuta, maimakon ya ba shi dunƙulalliyar jimla ya ce a juya.

Nauyin kuma ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Shugaban da aka turo Zamfara ya kamata ya san cewa "da sauƙi" addu'a ce, kwana biyu ba lissafi ba ne, kuma lalacewar hanya a bakin mutumin Tsafe magana ce ta rai da mutuwa. Tambaya ɗaya cikin lalama kafin a ɗauko takardar tuhuma tana iya tsare mutuncin mutumin kirki. Ma'aikatun da ke da direbobi da masu gadi da yawa za su taimaki kansu idan suka buga gajeren fom na neman izini da Hausa da Turanci, mai gurabe huɗu: dalili, ranar tafiya da ta dawowa, mai riƙe aiki, da sa hannun mai amincewa. Malaman Turanci a makarantun sakandare da kwalejojin jihar, har da Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe da ke yaye ma'aikatan da za su yi aiki ƙarƙashin likitoci daga ko'ina, su ware darasi guda a kan rubuta saƙon uzuri, su ɗauko waɗannan jimlolin da ɗalibansu ke faɗa kullum a matsayin abin gwaji. Ɗalibin da ya koyi wannan kafin ya kama aiki ya tsira daga tuhumar da ba ta da tushe sai saɓanin harshe.